Shagon intanet da ERP: wa ke da ikon faɗin yawan kayan da ke sito?

Akwai muhawarar da ke yawan tasowa tsakanin 'yan kasuwar da suka buɗe shago a intanet alhali suna da kanti da sito da akawu. Ɓangare ɗaya, galibi masu haɗa manhaja da matasan da suka karɓi ragamar kasuwancin iyayensu, suna cewa a haɗa shagon intanet da manhajar ERP kowane ya riƙa aika wa ɗan'uwansa bayani, komai ya daidaita da kansa. Ɗaya ɓangaren, iyayen gida da tsofaffin akawu, suna cewa a bar kaza cikin gashinta, yaro ɗaya ya isa ya kwafe odar da ta shigo ya shigar da ita a littafi da yamma. Ni ina tare da masu cewa a haɗa, amma ban yarda da irin haɗin da ake yawan tallatawa ba. Haɗin da zai yi amfani shi ne wanda aka fara yanke hukunci a kansa tun kafin a taɓa kwamfuta, cewa kowane irin bayani yana da mai shi guda ɗaya: ERP ke faɗin yawan kaya, shagon intanet ke faɗin abin da mai saye ya nema, kamfanin karɓar kuɗi ke faɗin an biya ko ba a biya ba. Haɗin da ya ba kowa damar rubutawa a kan bayanin kowa ya fi kwafin hannu haɗari, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

ERP manhaja ce da ke riƙe sito da ciniki da sayayya da lissafin kuɗi a wuri ɗaya, ta yadda fitar kaya daga sito za ta taɓa lissafin akawu nan take. Biyu daga cikin waɗanda matsakaitan 'yan kasuwa ke iya ɗauka su ne Odoo, wadda aka fara a Beljiyam a 2005 da sunan TinyERP, da ERPNext ta kamfanin Frappe na Indiya. A ɓangaren shago kuwa, WooCommerce da ke zaune a kan WordPress tun 2011 tana cikin waɗanda aka fi amfani da su. Zan bi misali ɗaya har ƙarshe, domin magana a dunƙule ba ta nuna inda ɓaraka take. A ɗauka dillalin atamfa ne a Kantin Kwari a Kano, yana da ERPNext a kanti, WooCommerce a intanet, kuma yana karɓar kuɗi ta Paystack. Farashi da adadin da zan kawo na misali ne, amma yadda manhajojin ke aiki haka yake.

Tun ran gini tun ran zane, kuma zanen farko a nan shi ne lambar kaya, wato abin da allo ke nunawa da `SKU`. Manhajojin biyu ba su san "shuɗiyar nan mai ganye" ba, lamba kawai suka sani. Idan zane ɗaya yana da launi huɗu, to kaya huɗu ne, kowane da lambarsa, kuma dole lambar ta zama iri ɗaya harafi da harafi a ɓangarorin biyu. Sai batun ma'auni, wanda ya fi cutar da masu tufafi. Turmin atamfa yadi shida ne. Idan sito yana ƙirga turmi amma shafin intanet yana sayar da rabin turmi, ko shadda a yadi, kuma ba a saita canjin ma'auni a ERP ba, odar yadi uku za ta iya cire turmi uku daga lissafi. Wannan gyaran ba aikin mai haɗa manhaja ba ne shi kaɗai. Aikin mai sito ne da maigida su zauna su ƙirga kaya, su ba kowane lamba, su kashe lambobin da suka maimaitu. Wanda ya tsallake wannan zaman ya biya kuɗin haɗi, kuskuren da ke cikin littafinsa ne zai riƙa yaɗuwa da sauri fiye da da.

Yanzu ga abin da ya sa na ƙi haɗin da kowa ke rubuta wa kowa. Da ƙarfe 10:00 na safe akwai turmi 12 na wani zane, kuma ɓangarorin biyu duk sun nuna 12. Da 10:02 wata mata a Kaduna ta sayi 3 a intanet, WooCommerce ta rage nata lissafin zuwa 9. Da 10:04 wani ɗan sari ya tsaya a kanta ya ɗauki 5, ERP ta rage nata zuwa 7. Nawa ne ainihin abin da za a iya sayarwa? Turmi 4. Amma babu ɗaya cikin manhajojin da ke nuna 4. Idan an saita haɗin ya riƙa kwafe adadi ta fuska biyu, wanda ya yi magana a ƙarshe shi ke da gaskiya: ko shago ya tura 9 ya goge cinikin ɗan sari daga sito, ko ERP ta tura 7 ta goge odar matar Kaduna daga shafi. A duka biyun shafin zai ci gaba da tallan kayan da babu su. Sai mutum na uku ya biya kuɗin turmi 6, a wayi gari ana kiransa ana ba shi haƙuri, ana neman yadda za a mayar masa da kuɗinsa. Wa ya yi kuskure a nan? Ba mai kanta ba, ba mai saye ba, ba ma manhajar ba, domin abin da aka umarce ta ta yi. Ba a sarki biyu a gari ɗaya, kuma tsarin ne ya naɗa biyu.

Gyaran a bayyane yake, sai dai yana bukatar a bi tsari. Shagon intanet ba zai taɓa aika wa ERP adadin kaya ba, abin da zai aika shi ne abin da ya faru: oda mai lamba kaza, kaya kaza, guda kaza. ERP ta karɓa ta buɗe `Sales Order`, wanda ke ware turmi ukun nan a matsayin waɗanda aka yi alkawari ko da ba su bar sito ba. Sannan abin da ERP za ta mayar wa shafi ba adadin da ke jibge a sito ba ne, ragowar ce bayan an cire na alkawari:

```
stock_quantity = actual_qty - reserved_qty
4 = 7 - 3
```

Jerin ma yana da muhimmanci: a fara jawo sababbin odoji, sannan a tura adadi. Idan aka juya, 7 ɗin nan za ta sake bayyana. Kuma ga kayan da ke gudu, ina ganin hikima ce a ɓoye turmi ɗaya ko biyu daga abin da shafi ke nunawa, saboda 'yan daƙiƙun da ke tsakanin karanta adadi da tura shi. Masu tallan haɗi suna son cewa nasu yana aiki nan take, kamar saurin ne maganin matsalar. Ba shi ba ne. Haɗin da ke tura adadi duk bayan minti biyar bisa wannan ƙa'ida ya fi aminci a kan wanda ke turawa duk daƙiƙa ta fuska biyu, domin sauri yana ƙuntata lokacin da karo zai iya faruwa ne kawai, bai faɗi wanda za a bi idan ya faru ba.

Oda kanta tana da nata tarkon guda biyu, ɗaya na maimaituwa ɗaya na ɓacewa. Shago yana sanar da ERP ne ta saƙon da yake aikawa da kansa duk lokacin da wani abu ya faru, wanda ake saitawa a ƙarƙashin `Webhooks`. Saƙon oda guda zai iya zuwa fiye da sau ɗaya, domin `order.updated` yana tashi duk lokacin da aka taɓa odar, ko da gyaran adireshi ne. Idan mai haɗin bai sa ERP ta fara duba ko ta taɓa ganin lambar odar ba, oda ɗaya za ta zama biyu, a ware turmi 6 maimakon 3. Ashe an gudu daga shigar da bayani sau biyu da hannu, an faɗa cikin shigar da shi sau biyu da na'ura. Maganin shi ne a adana lambar odar shago a wani gurbi na ERP da ba ya karɓar lamba iri ɗaya sau biyu. Ɓacewa kuwa ta fi ban tsoro domin a shiru take zuwa. Idan WooCommerce ta yi ta aika saƙo yana faɗuwa sau biyar a jere, takan kashe wannan hanyar ta mayar da ita `Disabled`, kuma ba za ta farfaɗo da kanta ba. Wanda ERP ɗinsa ke kan kwamfuta a bayan kanti, inda wuta da intanet ke zuwa suna tafiya, ya san yadda sau biyar ke saurin cika. Shafi zai ci gaba da karɓar oda da kuɗi, sito kuwa bai ji komai ba. Saboda haka ba na yarda da haɗin da ya dogara ga saƙo kaɗai. Dole a ƙara masa zagaye, wato duk bayan wani ɗan lokaci ERP ta je da kanta ta tambayi shago dukan odojin da suka canza tun tambayar ƙarshe, ta cike abin da ya kuɓuce.

A wajen kuɗi ne na fi ganin ana gaggawa, kuma a nan ne akawu ke samun hujjar ƙin haɗin gaba ɗaya. Mu koma ga matar Kaduna. Turmi 3 a kan naira 18,000 kowane ya kama 54,000, kuɗin aikawa 2,500, jimla 56,500. Idan ta biya, Paystack na aiko saƙon `charge.success`, kuma adadin yana zuwa ne a kwabo, wato `5650000`, don haka haɗin da bai raba da ɗari ba, zai rubuta cinikin miliyoyi. Saƙon na ɗauke da sa hannu a `x-paystack-signature`, kuma wajibi ne a tantance shi, in ba haka ba duk wanda ya gano adireshin zai iya aiko da saƙon ƙarya a fitar masa da kaya. To amma ko bayan duk wannan, kuɗin bai shiga bankin maigida ba tukuna. A tsarin cajin da kamfanin ya daɗe a kai na biyan cikin gida, yana cire kashi 1.5 cikin ɗari da ƙarin naira 100, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000. A wannan odar kashi 1.5 ya kama 847.50, da 100 ya zama 947.50, abin da zai iso shi ne 55,552.50. Ba kuma shi kaɗai zai iso ba, zai zo ne a dunƙule tare da sauran cinikin, galibi a ranar aiki ta gaba. Idan haɗin ya rubuta 56,500 kai tsaye a asusun banki na ERP, akawu zai buɗe takardar banki ya nemi 56,500 ya rasa, ya ga wani dunƙulallen adadi da bai yi kama da kowace oda ba. Me zai yi? Zai koma kwafin hannu, ya ce na'ura ƙarya take yi, kuma ba zan ga laifinsa ba.

Abin da ya dace shi ne a buɗe wani asusu na zango a cikin ERP mai sunan kamfanin karɓar kuɗin. Da saƙon biya ya tabbata, a rubuta 56,500 a can, a wanke mai saye daga bashi. Ranar da kuɗi ya sauka, a fitar da 55,552.50 zuwa asusun banki, a fitar da 947.50 zuwa asusun cajin karɓar kuɗi. Zangon ya koma babu komai a kan wannan odar. Amfanin wannan ya wuce tsabtar littafi, domin asusun ya zama ma'aunin lafiyar haɗin gaba ɗaya. A kowane lokaci abin da ke cikinsa ya kamata ya yi daidai da kuɗin da aka karɓa ba a riga an sauke ba. Idan aka ga yana kumbura mako bayan mako, ruwa ba ya tsami banza: ko ana rubuta biya sau biyu, ko ba a rubuta caji, ko an mayar wa wani kuɗinsa ERP ba ta sani ba. Idan ya faɗa ƙasa da sifili, akwai odar da aka biya wadda ba ta taɓa isowa sito ba, kuma akwai mai saye a wani gari yana jiran kayan da ba wanda ya ɗaure.

Hujjar farko da masu adawa ke kawowa tana da ƙarfi. Suna cewa yawancin masu sayenmu ba sa biya a shafi, magana suke yi ta WhatsApp su yi tiransifa su turo hoton rasit, wasu kuma sai kaya ya iso hannunsu. Gaskiya ne, kuma haɗin da ya yi kamar bai san da wannan ba zai rushe a makon farko. Amma wannan hujja ce ta raba oda da biya, ba ta ƙin haɗi ba. WooCommerce na sa odar tiransifa a `on-hold`, tana kuma sa odar biya idan kaya ya iso a `processing`, matsayi ɗaya da odar da aka riga aka biya da kati. Duk haɗin da ya ɗauki `processing` a matsayin shaidar biya zai rubuta kuɗin da har yanzu yake aljihun mai saye. Matsayin oda ya isa a ware kaya, amma rubuta biya sai da shaida daga inda kuɗin yake, wato saƙon da aka tantance ko abin da ya bayyana a asusun banki, ba hoton alat ba. Kuma a sa wa'adi: odar tiransifar da ba a biya ba bayan awa kaza a soke ta a saki kayan, don kada wanda ya fasa ya riƙe turmi goma a lissafi har mako. Cinikin WhatsApp kuwa a shigar da shi ERP kai tsaye kamar cinikin kanta. Shigarwa ɗaya ce, kuma shafin zai ji ta a zagaye na gaba.

Hujja ta biyu ita ce ta kuɗi: albashin yaron da zai kwafe oda bai kai kuɗin mai haɗa manhaja da kula da ita ba. A ƙaramin shago na yarda. Wanda ke samun oda biyar a rana, kuma kayan intanet ɗinsa a ware suke daban da na kanta, ba ya bukatar wannan ɗawainiya, ba ma lallai ya bukaci ERP ba. Amma ma'aunin ba yawan oda ba ne kaɗai. Tambayar ita ce, shin kanta da intanet daga tulin kaya ɗaya suke ɗiba? Idan haka ne, matsalar yaron ba ƙwazonsa ba ce, lokaci ne. Yana kwafewa da yamma, karon turmi 12 kuwa ya faru cikin minti biyu da safe, kuma oda na shigowa da tsakar dare lokacin da kasuwa ke kulle. Komai amanarsa ba zai iya zama a wuri biyu ba. Araha ba ta ado, kuma wanda ke lissafin albashin yaro ya haɗa da kuɗin mayar wa mutane kuɗinsu, da sunan shago da ke zubewa gab da Sallah lokacin da kowa ke son zane ɗaya. Ba kuma korar yaron nake nema ba. Aikinsa zai koma duba abin da ya maƙale, oda mai lambar kayan da ERP ba ta sani ba, ko biyan da bai dace da jimla ba, kuma dole haɗin ya tara irin waɗannan a wuri ɗaya da ido zai gani maimakon ya haɗiye su.

Hujja ta uku daga wani gefe take: me ya sa za a haɗa abu biyu alhali Odoo da ERPNext duk suna da nasu shagon intanet? Ga wanda zai fara daga tushe, wannan shawara ce mai kyau, domin oda da sito a rumbun bayani ɗaya suke, karon adadi tsakanin manhaja biyu bai ma taso ba. Amma wanda ya shekara yana gina shafinsa, yana da masu saye da suka saba da shi da adireshin da injunan bincike suka sani, garin gyaran gira zai iya rasa ido. Kuma ko a manhaja ɗaya, kamfanin karɓar kuɗi yana waje, don haka kwabo da caji da asusun zango suna nan daram.

Saura mayar da kaya, wanda galibi ba a tuna shi sai ya faru. Idan matar Kaduna ta dawo da turmi ɗaya, danna maɓallin mayar da kuɗi a WooCommerce yana zuwa da zaɓin mayar da kayan cikin lissafin shafi. A tsarin da nake karewa wannan zaɓin a kashe ya kamata ya kasance, domin turmin yana cikin mota, kuma ba wanda ya san ko an yanka shi ko ruwa ya taɓa shi. Sai ya iso, mai sito ya warware ya duba, ya karɓe shi a ERP, sannan adadin ya hau shafi ta hanyar da ya saba bi. Saboda haka kafin maigida ya biya mai haɗi cikon kuɗinsa, ya sa a gwada abu huɗu a gabansa da kaya na gaske: a aika saƙon oda ɗaya sau biyu a ga ko `Sales Order` ɗaya ya fito, a kashe intanet ɗin kanti na awa ɗaya a yi oda a ga ko za ta iso bayan an kunna, a sayar da kaya ɗaya a kanta da shafi cikin minti guda a ga adadin da zai tsaya, sannan a jira kuɗin ranar ya sauka a ga ko asusun zango ya koma sifili. Idan ɗaya ya faɗi, aikin bai ƙare ba, kuma a riƙe cikon har sai an gyara.